Silaid 31 a minti 15: ku taimaka ku duba mini kafin Alhamis

Hajara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga fayil ɗin PowerPoint nan na ɗora. Ƙungiyarmu tana aiki da manoman shinkafa a Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma ranar Alhamis masu ba mu tallafi za su zo jin rahoton shekara. Minti 15 aka ba ni, silaid ɗina 31. Jiya na gwada a gaban abokan aiki, ina kan na 12 lokaci ya ƙare, ɗaya daga cikinsu ma wayarsa yake dannawa. Don Allah duk mai hali ya duba, musamman na 9 da na 14 masu zanen alƙaluma. Kada a ji nauyina, a faɗa mini gaskiya.

Auwalu: Wa'alaikumus salam Anti. Na buɗe. Gaskiya matsalar ita ce ba ki yi masa ado ba, fari fat yake kamar takardar jarrabawa. Ki shiga Design ki zaɓi mai kala, sannan ki sa Animations yadda rubutun zai riƙa shigowa yana juyi. Mutane na son abin da ke motsi. In kina so ki turo mini in gyara miki da daddare.

Malam Sabo: Auwalu, ba nan gizo ke saƙar ba. Farin bango shi ne abu guda da ba zan taɓa ba a fayil ɗin nan.

Malama Hajara, na duba duka. Silaid 31 a minti 15, kowane ɗaya bai samu rabin minti ba ke nan. Na ɗauki na 6 na karanta shi a fili, ba tare da na ƙara ko kalma ɗaya ba, ya ci mini fiye da minti ɗaya. Wato ko karantawa kawai za ki yi, lokacin ba zai kai ki ko'ina ba. Sannan mutum ba ya iya karanta wani abu yana sauraren wani abu daban a lokaci guda. Da zarar kin haska sakin layi a allo, idonsu zai tafi can, su karanta da saurin da ya fi na bakinki, su gama kina tsakiya, sai su koma waya. Abokin aikin naki ba raini ya yi ba, ya riga ki gamawa ne.

Kafin mu shiga gyara ina da tambaya ɗaya. Idan baƙin nan suka shiga mota za su tafi, wace magana guda kike so ɗaya ya faɗa wa ɗan'uwansa?

Hajara: Malam, abin da muke so su sani shi ne, manoman da muka koya wa dashe a layi sun fi masu yafi samun amfani. Masu dashe buhu 52 a hekta, masu yafi 41. Kuma muna so su ƙara kuɗi mu faɗaɗa horon zuwa wasu ƙauyuka.

Malam Sabo: To kin gani. Wannan maganar na neme ta a fayil ɗinki, sai a silaid na 22 na same ta a rubuce, layi na biyar, rubutu mai girman 11. Jiya kuwa a na 12 kika tsaya. Da Alhamis ce, da sun tafi ba su ji abin da ya kawo su ba.

Ki shiga View, ki danna Outline View, ki karanta kanun silaid ɗin kaɗai daga sama zuwa ƙasa. Abin da ke nan yanzu shi ne: Gabatarwa, Tarihin Ƙungiya, Manufofi, Ayyuka, Ayyuka (ci gaba), Sakamako, Sakamako 2, Ƙalubale. Babu wanda ya faɗi komai a cikinsu, kowace ƙungiya a duniya za ta iya ɗaukar su ta sa a nata. Ki mayar da kowanne cikakkiyar jimla mai ɗauke da labari. Maimakon Sakamako 2, ki rubuta: Masu dashe sun fi masu yafi da buhu 11 a kowace hekta. Duk silaid ɗin da kika kasa rubuta masa irin wannan jimla, ko dai ba shi da abin faɗa, ko kuma abu biyu ne kika cusa a wuri ɗaya. Na farkon a cire shi, na biyun a raba shi.

Bashir: Ni a ganina a sauƙaƙa mata. Akwai ƙa'idar Guy Kawasaki, 10/20/30: silaid 10, minti 20, rubutu kada ya gaza girman 30. Tunda minti 15 gare ta, ta yi 7 ko 8 ta huta. Ta goge sauran kawai.

Dakta Rabi: Injiniya, wannan ƙa'idar an yi ta ne don masu neman 'yan kasuwa su zuba jari a sabon kamfani. Masu ba da tallafi kuwa za su tambayi kuɗin da suka bayar ina ya shiga, mata nawa aka horar, me ya sa ba a kai adadin da aka yi alkawari ba. In ta goge, suka tambaya, me za ta nuna? Adadin na yarda da shi, 8 ko 9 ya isa. Gogewar ce ban yarda da ita ba. Ta kwashe sauran ta kai su ƙarshe, ta danna kowanne da dama ta zaɓi Hide Slide. Ba za su fito ba tana jawabi, amma in an yi tambaya sai ta buga lambar silaid ɗin ta danna Enter, ya fito. Ta rubuta lambobin a 'yar takarda ta riƙe a hannu.

Girman 30 kuma ba ya yiwuwa a cikin zane. A jikin silaid 24 ya yi, lambobin da ke kan zane kada su gaza 16 ko 18.

Bashir: Dakta na karɓa rabi. Amma ni na sha ganin ana ɓoye silaid ashirin ba a buɗe ko ɗaya ba.

Dakta Rabi: In ba a buɗe ba ai ba a yi asarar komai ba.

Hajara: Na gode ƙwarai. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne oga. Shi ya ce in sa komai, saboda bayan taro za su ce a tura musu fayil ɗin, kuma wanda zai karanta a ofishinsu bai halarci taron ba. In na rage rubutun, shi wancan me zai fahimta?

Malam Sabo: Ogan naki yana da hujja, kada ki ɗauka rigima ce kawai. Abin da ya faru shi ne fayil guda kika ɗora wa aiki biyu: abin da za a haska kina magana, da abin da za a karanta ba kya nan. Ki yanke sakin layin nan ki zuba su a Notes da ke ƙasan kowane silaid. Ranar taro ke kaɗai za ki gan su a kwamfutarki in kin yi amfani da Presenter View, kuma za ki iya gwada shi tun a gida da Alt+F5 ko ba ki haɗa majigi ba. Bayan taro sai ki fitar da PDF, a Options ki zaɓi Notes pages. Kowane shafi zai fito da silaid a sama, bayaninsa a ƙasa. Wancan mutumin na ofis ya samu abin karantawa, ba a cire ko harafi ba. Ki nuna wa oga shafi ɗaya da aka buga a haka kafin ki yi masa dogon bayani.

Kuma ki lura da abin da ya sa rubutunki ya ƙanƙance har ya kai 11. Ba ke kika zaɓa ba. Duk lokacin da kika ƙara layi, PowerPoint yana matse rubutun da kansa don ya shiga akwatin. Ki canza shi zuwa Do not Autofit. Idan rubutu ya zubo waje, ya gaya miki ya yi yawa ke nan.

Ummi: Ni tambayata daban ce amma ta shafi wannan. Lokacin da na kare kundina na digiri na biyu a sashen Hausa, na shirya komai a kwamfutata, da aka sa a ta sashen sai duk ƙ da ɗ da ɓ suka canza kama, wasu ma suka koma akwati-akwati. Wani malami ya ce ko rubutun Hausa ban iya ba. Anti Hajara, na ga akwai sunayen ƙauyuka da maganganun manoma da Hausa a naki, ki kula.

Sani Maraɗi: Ummi, salon rubutun da kika zaɓa ne babu shi a waccan kwamfutar, sai ta musanya shi da wanda ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Maganinsa ki tafi da kwamfutarki, ko ki riƙe PDF a filashi saboda tsaro. Mu nan har da haruffan Faransanci muke haɗawa, mun saba da wannan wahalar. Amma mu koma kan zanen, ni shi nake jira, don na 9 ɗin nan ya fi ƙarfina.

Malam Sabo: To bari mu kwance na 9 a hankali. Abin da ke ciki: rukunin manoma 12, kowanne da ginshiƙai huɗu, damina biyu da rani biyu. Ginshiƙai 48 ke nan. A kansu an ja layin farashin taki, da nasa ma'aunin a gefen dama. Sunayen rukunan sun karkace saboda ba wuri, sai mutum ya kwantar da kai zai karanta. Bayanin launuka yana can ƙasa, ido sai ya yi ta safa da marwa tsakaninsa da ginshiƙan. Kuma kowane ginshiƙi an rubuta masa lamba har da ɗigo biyu, irin 47.36. Kamar rumfar ɗan koli, komai akwai, amma wanda ya zo neman allura sai ya wuni.

Abin mamakin shi ne, dashe da yafi, wato maganar da kike son faɗa, ba su fito a zanen ba kwata-kwata. An jera rukunan ne bisa haruffan sunayensu, masu dashe da masu yafi a cakuɗe.

Ga yadda zan yi. Farashin taki ya fita, ba wannan silaid ɗin ba ne wurinsa. Ma'auni biyu a zane guda yana sa mutane su ga alaƙar da ƙila babu ita, domin inda layin zai ratsa ginshiƙan ya dogara ne kawai da inda aka fara kowane ma'auni. Ki ɗauki kaka ɗaya, ta ƙarshe, ginshiƙai su dawo 12. Ki kwantar da su, wato Bar maimakon Column, sunayen za su miƙe a karanta su kai tsaye. Ki jera alƙaluman a Excel daga babba zuwa ƙarami. In suka fito a kife, ki danna gefen sunayen, Format Axis, ki zaɓi Categories in reverse order. Launi biyu kacal: masu dashe mai duhu, masu yafi ruwan toka. Ki cire bayanin launukan na ƙasa, ki rubuta dashe da yafi a jikin zanen da launin kowanne. Lambobin su zama 47, ba wanda ke auna buhu da ɗigo. Tunda lamba tana bakin kowane ginshiƙi, layukan bango ma su tafi.

In kin yi haka, masu duhu za su taru a sama, masu toka a ƙasa, kuma mutum zai gani kafin ki buɗe baki.

Bashir: Launin kuwa ta sa kore da ja. Kore mai kyau, ja marar kyau, kowa ya san wannan.

Dakta Rabi: Ban da mai matsalar bambance ja da kore, kuma an fi samunta ga maza. Sannan majigin da ya tsufa, a ɗakin da rana ke shigowa ta taga, yana kashe launi ƙwarai. Hajara, ki shiga View ki danna Grayscale. In har kina iya raba rukunan biyu a haka, launin ya yi. Wannan zai kuma taimake ki in wuta ta ɗauke aka koma ga takardun da aka buga baƙi da fari.

Amma ni na 14 ya fi damuna, kuma ba don cunkoso ba. Ginshiƙai biyu ne kacal, 52 da 41, sai dai ma'aunin daga 35 ya fara. Ku lissafa: tsayin na farko 17, na biyu 6. Ido zai ga kamar dashe ya kusa ninka yafi sau uku. Alhali bambancin gaskiya 11 ne a kan 41, ya ɗara kashi ɗaya cikin huɗu da kaɗan. In akwai mai ido a cikin baƙin nan ya lura, zai fara zargin duk sauran alƙalumanki. Format Axis, Bounds, Minimum, ki mayar da shi 0.

Hajara: Wallahi Dakta oga ne ya ce a matsa ma'aunin don bambancin ya fito sosai.

Bashir: To ni ban ga laifin ba, tunda an rubuta 52 da 41 ɓaro-ɓaro a kai. Ba a ɓoye komai ba. In aka fara daga sifili, sai su zama kusan tsayi ɗaya, aikin da aka yi shekara guda ya zama kamar ba a yi ba. A wajen aikinmu zanen ƙarfin wuta ba ma fara shi daga sifili, in ba haka ba ba za ka ga hawa da saukarsa ba.

Dakta Rabi: Naka zanen layi ne Injiniya, hawa da sauka ake kallo, wannan ba wanda ya hana. Ginshiƙi kuwa tsayinsa shi ne maganarsa. Kuma buhu 11 a hekta ba ƙaramin abu ba ne, ta juya shi zuwa kuɗi da farashin buhu na yanzu ta rubuta a gefe, za su gane girmansa.

Bashir: Har yanzu ina ganin kun tsananta, amma fayil ɗinta ne.

Sani Maraɗi: Maganar Malam ta silaid na 22 ta tuna mini da kumbon Columbia na Amurka. Lokacin da aka harba shi ranar 16 ga Janairu 2003, wani ɓallin soso ya faɗo daga tankin mai ya bugi fukafukinsa na hagu. Yana sama injiniyoyin Boeing suka shirya wa shugabannin NASA silaid kan ko akwai haɗari. Kanun ɗaya daga ciki ya yi kama da mai kwantar da hankali, amma can ƙasa cikin ƙananan layuka aka rubuta cewa soson da aka taɓa yin gwaji da shi girmansa inci 3 ne na kubik, wanda ya bugi kumbon kuwa 1920. Ninki 640 ke nan, wato gwajin bai isa a dogara da shi ba. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse yana dawowa, mutum bakwai suka mutu. Kwamitin bincike ya ambaci wannan silaid ɗin a rahotonsa.

Ummi: Innalillahi. Amma Yaya Sani ai ba silaid ne ya kashe su ba.

Sani Maraɗi: A'a, ban ce haka ba. Dalilan suna da yawa, har da yadda hukumar ta saba ganin soso na faɗowa ba abin da ke faruwa. Ina nufin dai lambar da ta fi komai muhimmanci tana nan a rubuce, a wurin da ido ba ya kaiwa.

Dakta Rabi: Wannan ya kawo ni ga inda zan ɗan saɓa da Malam Sabo. Kanu mai cikakkiyar jimla yana da kyau, amma yana iya faɗin abin da alƙaluman ba su kai ba. Na duba jadawalin da ke silaid na 27. Masu dashe mutum 38 ne, masu yafi 140. Kuma ga alama yawancin masu dashen su ne suka samu taki a kan lokaci. To ta ina muka san dashen ne ya kawo ƙarin, ba takin ba? Sannan akwai rukuni biyu na masu dashe da suka faɗo ƙasa da masu yafi.

Hajara: Su biyun nan ambaliya ce ta ci gonakinsu a Agusta. Na so in cire su daga zanen don kada su ɓata hoton.

Malam Sabo: A'a Malama, kada ki cire. Rage cunkoso daban, cire abin da bai yi miki daɗi ba daban. Ki bar su a inda suka faɗo, ki rubuta ambaliya a gefensu da ɗan ƙaramin rubutu. Za a tambaya dama, gara su ga kin riga su.

Dakta kuma tana da gaskiya kan taki. Jimlar da na ba ki, masu dashe sun fi masu yafi da buhu 11, abin da aka auna ta faɗa, ba ta ce dashe ne sanadi ba. Kada ki mayar da ita dashe ya ƙara amfani. Adadin mutanen, 38 da 140, ki sa shi ƙarƙashin zanen.

Dakta Rabi: Ni ko hakan bai gamsar da ni ba Malam. Duk wanda ya karanta jimlar nan sanadi zai fahimta, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Da ni ce, zan ware waɗanda suka samu taki a kan lokaci daga ɓangarorin biyu in gwada su kaɗai. In bambancin ya tsaya, maganarta ta yi ƙarfi.

Malam Sabo: In ta ware, masu yafin da za su rage ƙila ba su kai ashirin ba, sai a ce adadin ya yi kaɗan. Ni dai in ta faɗi batun takin da bakinta a jimla ɗaya ya wadatar.

Auwalu: Ni dai na ga an ƙi shawarata, ba komai. Amma ga wani abu da na gani. Anti, na danna zanen na 9 da dama na zaɓi Edit Data, sai ga Excel ɗinku gaba ɗaya ya buɗe, har da shafin sunayen manoma da lambobin wayarsu. Haka kike so?

Hajara: Subhanallahi! A'a wallahi. Zanen kawai na kwafo.

Sani Maraɗi: Lokacin da kika liƙa, zaɓin Embed Workbook kika ɗauka, shi kuwa yana tafiya da littafin duka, ba zanen kaɗai ba. Ki cire fayil ɗin daga nan yanzu. Wanda za ki tura waje, ko dai PDF, ko ki liƙa zanen a matsayin Picture. Duk wanda ya sauke a cikinmu don Allah ya goge.

Bashir: Na goge nawa. Auwalu yau ka ci kuɗinka.

Hajara: Na cire shi. Auwalu Allah ya saka da alheri. Ga abin da na tsara yanzu: na farko buhu 52 da 41 daga sifili, na biyu rukunai 12 ɗin a kwance, sai hoton gona biyu gefe da gefe, sai yadda aka kashe kuɗi, sai ambaliya, sai abin da muke nema. Da na buɗewa da na godiya sun zama 8. Tarihin ƙungiya na kai shi cikin ɓoyayyu, ban san yadda oga zai ɗauka ba, don shi ya rubuta shi da kansa. Dakta, zan gwada warewar da kika ce da daddare in ga mutum nawa za su rage, sai in turo miki ke kaɗai. Malam, zanen kuɗin faifai ne mai yanka 11, shi ma in kwantar da shi?

Malam Sabo: Ki kwantar da shi. Manya biyar ki bar su da sunansu, ƙananan shida ki haɗa su ki kira su sauran, cikakken jadawalin ya zauna a ɓoyayyu don mai binciken kuɗinsu zai nema. Gobe ki haska a ɗakin da za a yi taron, ki je kujerar ƙarshe ki zauna ki ga ko kina iya karanta sunayen rukunan.